Idan Ruwa Ya Shaƙe Muryar Waya

Babu mai gyaran wayar da bai san wannan ƙorafin ba, musamman idan damina ta kankama: ruwa ya taɓa waya, tana kawo wuta, tana kira, tana amsawa, amma muryarta ta dishe. Idan aka kunna karatu ko waƙa sai a ji sautin yana karkarwa, yana fashewa, can ƙasa-ƙasa ana jin wani tas-tas. Wani ruwan sama ne ya dake shi a kan babur. Wani ya sunkuya zai wanke ƙafa wajen alwala, wayar ta sulluɓo daga aljihun gaba. Wata tana wanki, yaro ya fisge wayar ya jefa cikin baho. Wani ma babu ruwan da ya gani da ido, gumi ne ya yi ta jiƙa aljihunsa tun safe.

Dishewar nan ita ce ke tayar wa mai waya hankali, domin ita kunne ke ji. Amma sau da yawa ita ce ƙaramar matsalar, kuma takan warware da kanta cikin yini ɗaya ko biyu. Abin da ke kashe waya shi ne ruwan da ya wuce ciki ya tarar da wutar batir, sai kuma magungunan gaggawa da mutane ke yi mata don su dawo da muryar. Na fi jin takaicin na biyun, saboda mai wayar ne ke jawo wa kansa asarar da hannunsa, alhali niyyarsa gyara ce.

Abin da ke bayan ƴan ramukan nan

Ka juya wayarka ka dubi gindinta, kusa da inda ake soka caja. Za ka ga jerin ƴan ramuka. Bayansu akwai wata raga mai laushi, mai ƙananan idanu ƙwarai, wadda aka sa don ta tare ƙura da ruwa amma ta bar iska ta wuce. Bayan ragar akwai sifikar kanta, wadda masu gyara ke kira ringa. Akwai kuma wata ƙaramar sifika a saman gilashi, wadda kake karawa a kunne idan kana magana. Kowacce da ragarta.

Sifikar ba ta kai girman farcen babban yatsa ba, kuma abubuwa uku ne ke aiki a cikinta: maganaɗisu, da wani zaren tagulla siriri kamar gashi da aka naɗe shi zagaye-zagaye, da wani tantani marar kauri da aka manne wa zaren. Idan wuta ta bi ta cikin zaren, maganaɗisun yakan tura shi gaba ya jawo shi baya, tantanin ya bi shi, ya riƙa kaɗa iska sau ɗaruruwa ko dubbai cikin sakan ɗaya. Wannan kaɗawar ita ce muryar da kunne ke ji. Duk wanda ya taɓa jin ganga da fatarta ta sha ruwa ya san yadda amonta ke mutuwa ya koma dum-dum. Haka tantanin sifika yake idan ɗigon ruwa ya zauna masa, nauyin ɗigon ya hana shi motsi yadda ya saba.

Ruwa yana da ɗabi'ar maƙalewa a ƙananan ramuka. Ɗigon da ya shiga idon raga ba ya faɗowa don an juya wayar kawai, yakan shimfiɗu ya toshe idon. To idan sauti ya taso daga ciki, sai ya riƙa ture wannan ruwan, ƙananan kumfa su riƙa tashi suna fashewa. Tas-tas ɗin da kake ji ke nan. Idan abin ya tsaya a nan, babu abin da ya lalace. Da zarar ruwan ya bushe, muryar za ta washe.

Tambayar da ta fi kowace muhimmanci ita ce: a raga ruwan ya tsaya, ko ya shiga ciki? Amsarta ce ke raba abin da ya kamata a yi gida biyu, kuma shawarar da ta dace da wata waya tana iya kashe wata.

Wace irin waya, wane irin ruwa

Wasu wayoyin an yi su da kariyar ruwa, kuma akan rubuta matakin kariyar a kwali ko a takardar bayanin wayar. Idan ka ga IP67, ma'anarsa an gwada wayar cikin ruwa mai zurfin mita 1 na tsawon minti 30 ba ta sha ba. IP68 ya fi haka zurfi, amma kowane kamfani ke faɗin nasa: Samsung yakan ce mita 1.5 na minti 30, Apple kuma ya ce mita 6 ga iPhone 12 da manyan da suka biyo bayanta. Idan IP53 ko IP54 ka gani, wannan kariyar yayyafi ce da fantsama kawai, ba ta nutsewa ba. Da yawa daga cikin wayoyin da ke hannun jama'a, masu araha da masu matsakaicin kuɗi, ko dai irin wannan kariyar yayyafin gare su, ko kuma babu komai.

Kada lambar kwali ta ruɗe ka. An yi gwajin ne da sabuwar waya, cikin ruwa mai tsabta da yake kwance. Kariyar kuwa ba wani abu ba ne illa gam da roba da aka zagaye bakin gilashi da murfin baya da ramuka da su, kuma suna tsufa. Wayar da ta sha faɗuwa, ko gilashinta ya tsage, ko an taɓa buɗe ta an canza sikirin ko batir, a ɗauke ta kamar marar kariya. Wannan ya shafi duk mai riƙe da wayar hannu-biyu da aka shigo da ita daga waje, domin ba ka san sau nawa aka buɗe ta kafin ta iso gare ka ba. Su kansu kamfanonin da ke tallar kariyar, garantinsu ba ya ɗaukar ɓarnar ruwa.

Sai kuma irin ruwan. Ruwan sama da na famfo su ne masu sauƙi. Ruwan rijiya mai zartsi, da gumi, da ruwan sabulu, da na kwata, duk suna ɗauke da gishiri-gishiri, kuma irin wannan ruwan ya fi saurin ɗaukar wuta ya fi saurin cin ƙarfe. Shayi, kunu, zoɓo, fura da lemo kuma nasu sharrin daban ne: ruwan zai bushe ya bar sukari da gari a raga, su daskare su zama danƙo. Wayar da shayi ya zubar wa ko shekara za ta yi a gaban fanka muryarta ba za ta dawo ba, domin ba ruwa ne ya toshe ta ba yanzu.

Mu ɗauki waya ɗaya mu bi ta

A ce wani tela ne, da wayar Android mai matsakaicin kuɗi wadda ya shekara biyu yana riƙe da ita, an kuma taɓa canza mata gilashi. Da azahar ya sunkuya wajen alwala, ta faɗa cikin bokitin ruwan famfo, ya ciro ta cikin ƴan sakanni. Tana kunne. Ya danna wani saƙon murya, ya ji sautin yana fashewa.

Abu na farko da zai yi shi ne ya kashe ta gaba ɗaya, ba wai ya kulle sikirin ba. Ta nutse, ba ta da kariyar da za a dogara da ita, saboda haka a ɗauka ruwa ya shiga har sai an tabbatar bai shiga ba. Dalilin gaggawar shi ne, ruwa kaɗai ba ya cin fanel nan take, amma idan ya zauna tsakanin ƙafafun ƙarfe biyu da wuta ke bi, sai ya zama gada. Wuta ta bi inda bai kamata ba, ƙarfen kuma ya fara narkewa a hankali yana barin wani gari kore ko fari. Wannan aikin yana tafiya ne muddin akwai wuta da laima tare. Shi ya sa ake ganin wayar da ta yi aiki lafiya ranar da ta jiƙe, sai bayan kwana uku ko mako ta mutu, mai ita yana mamakin me ya same ta. Da ƙaramar waya ce mai madannai da ake buɗe bayanta, irin su itel da tsofaffin Nokia, sai a zare batirin nan take. Wannan ya fi kashewa, domin ko a kashe waya take, batirin da ke jone yana ba wasu sassa wuta.

Sai ya cire mata riga, domin rigar roba tana riƙe ruwa a jikin wayar, musamman wajen ramuka. Ya zare mazaunin layi da katin ajiya. A nan akwai abin dubawa: wayoyi da yawa suna da wani ɗan tambari fari a cikin ramin layin, wanda ke rikiɗa zuwa ja ko ruwan hoda idan ruwa ya taɓa shi. Ya haska da tocila ya leƙa. Idan ya ga ja, ruwa ya shiga ta nan ke nan. Idan fari ne, wannan albishir ne, amma bai wanke wayar daga zargi ba, tun da ruwa yana iya bi ta wata hanyar.

Ya goge jikinta da ƙyalle mai laushi marar barin zare. Tsohuwar singileti mai tsabta ta isa. Sannan ya riƙe ta gindi na kallon ƙasa, ya riƙa buga ta a hankali a tafin hannunsa. Zai ga ƴan ɗigon ruwa a tafinsa. A hankali nake nufi, ba girgizawa da ƙarfi ba, domin kaɗa waya sama da ƙasa yana yawo da ruwan da ke ciki ne zuwa inda bai kai ba. Ya juya ta ya yi wa sifikar kunne haka.

Daga nan sai ya jingina ta tsaye a kan busasshen ƙyalle, ramukan sifika suna ƙasa, a inuwa, inda iska ke kaɗawa. Idan akwai wuta, ya sa fanka ta riƙa busa mata daga ɗan nesa. Iska mai tafiya ita ce ke kwashe laima, kuma babu abin da ya fi ta a gida. Da hunturu ne, da iskar ta bushe ƙayau, aikin zai yi sauri, sai dai a kare ta daga ƙura. A tsakiyar damina kuwa, da iskar kanta ke ɗauke da laima, sai an ƙara haƙuri. Idan yana da ƴan ƙunshin nan masu ƙwayoyi kamar gishiri da ake samu cikin kwalin sabon takalmi ko jaka, masu rubutun SILICA GEL, yana iya tara da yawa ya rufe su tare da wayar cikin mazubi mai murfi bayan ta sha iska. Ɗaya ko biyu ba za su yi komai ba, kuma waɗanda suka daɗe a buɗe sun riga sun ƙoshi da laima.

Har yaushe? Apple yana ce wa masu iPhone mai kariyar ruwa su jira aƙalla awa 5 kafin su soka caja, kuma bushewar ramin caji tana iya kai wa awa 24. Wayar telan nan ba ta da wannan kariyar, saboda haka kwana biyu a kashe bai yi yawa ba. Na san wannan shi ne mafi wuya a cikin duk abin da aka lissafa. Mutumin da masu ɗinki ke kiransa, kuɗinsa ke shigowa ta waya, ka ce ya ajiye ta kwana biyu, ka ɗora masa nauyi. Mafita ita ce ya sa layinsa a wata wayar, ko ta aro ce, tun da ya riga ya zare shi.

Amma akwai alamun da idan ya gan su, jira ba shi ne magani ba. Idan ya ga hazo a cikin gilashin kyamara, ko tabo-tabo kamar taswira a ƙarƙashin sikirin, ko kafin ya kashe ta ta riƙa danna kanta, ko bayanta ya ɗauki zafi ba dalili, to ruwa ya isa fanel. Ya kai ta wurin gyara ranar nan, a kashe. Ruwan da ya shige ƙarƙashin ƴan murafun ƙarfe da ke rufe sassan fanel ba ya fita da fanka.

Sautin da ake cewa yana korar ruwa

Yanzu mu canza labarin kaɗan. A ce wayar mai kariyar IP68 ce da ba a taɓa buɗe ta ba, ko kuma yayyafi ne kawai ya taɓa gindinta ba nutsewa ta yi ba. Babu hazo, babu zafi, komai na aiki, murya ce kaɗai ta shaƙe. A nan ne dabarar da matasa ke yaɗawa take da amfani: a kunna wani sauti mai kauri, mai gurnani, ya turo ruwan waje.

Dabarar gaskiya ce, kuma tana da asali. Tun 2016 agogon hannu na Apple yake amfani da ita: bayan an yi iyo da shi, sai ya yi wani gurnani ya feso ruwan da ke cikin sifikarsa. Sauti mai kauri yana sa tantani ya yi tafiya mai nisa gaba da baya, ya tura iska da yawa ta cikin raga, iskar ta ture ɗigon. Wanda aka fi amfani da shi a waya shi ne mai kaɗawa kusan sau 165 a sakan, za ka ga an rubuta 165 Hz. A 2024 masu gyara na kamfanin iFixit sun gwada irin wannan sautin a kan wasu wayoyi, suka ga yana fitar da ruwan da ke bakin sifika, amma ba ya taɓa wanda ya shiga ramin caji ko mazaunin layi ko ƙarƙashin maɓallai. Iyakarsa ke nan, kuma ya kamata a riƙe ta da kyau. Haɗarinsa ba a sautin yake ba, a ruɗin da yake jawowa yake: murya ta washe, mutum ya ɗauka wayar ta bushe, ya soka caja.

Idan za a yi, a riƙe wayar sifika na kallon ƙasa, a kan ƙyalle. A kunna sautin na sakan goma zuwa goma sha biyar, a tsaya, a goge abin da ya fito, a sake, sau uku ko huɗu. Kada a ƙure ƙara a bar ta tana gurnani minti da minti, domin zaren tagullar nan yana ɗaukar zafi, kuma sifikar da ruwa ya danne ta riga tana wahala. Idan an yi haka babu canji, a bari, maimaitawa ba za ta ƙara komai ba. Ba kuma sai an sauke wata manhaja ba. Wadda ta ce sai ka ba ta izinin shiga lambobinka ko hotunanka kafin ta yi maka gurnani, ba sifikarka ce a gabanta ba.

Ga telan da wayarsa ta nutse kuwa, wannan dabarar ba tasa ba ce. Kunna sauti yana nufin barin wayar a kunne, da wuta na zagaye fanel mai laima. Zai iya gyara murya ya rasa waya.

Idan shayi ne ko ruwan gishiri ya zubar wa waya mai kariyar IP67 ko IP68 wadda jikinta lafiya yake, kamfanonin da kansu sun ce a ɗauraye wurin da ruwa mai tsabta, a hankali, sannan a busar. Abin yana da ban tsoro a ji, amma hikimarsa a fili take: gara ruwa mai tsabta da zai bushe ya tafi, da sukarin da zai daskare. Marar kariya kuwa ba a ɗauraye ta. A goge bakin ragar da ƙyalle mai ɗan danshi, sauran aikin na mai gyara ne.

Magungunan da ke ƙara ciwo

Shinkafa ce ta fi suna. Kusan kowa ya taɓa jin a binne waya cikin ɗanyar shinkafa ta kwana, wasu ma garin rogo suke sawa. Masu yi sukan rantse ta yi musu aiki, kuma ba ƙarya suke ba, wayar ta tashi. Sai dai ba shinkafar ce ta tashe ta ba, kwanan da ta yi a kashe ba a taɓa ta ba ne. Shinkafa ba ta da ƙarfin jawo ruwa daga cikin rufaffiyar waya, kuma binne wayar yana hana ta iskar da za ta busar da ita. Ga kuma ƙurar shinkafar: gari ne mai sitaci, idan ya haɗu da jiƙaƙƙiyar raga sai ya kwaɓe ya toshe idanunta, tsakin shinkafa kuma ya maƙale a ramin caji. Apple ya rubuta ƙarara a shafinsa na taimako cewa kada a sa iPhone cikin shinkafa saboda wannan dalilin.

Zafi ya fi shinkafa ɓarna. Ana shanya waya a rana, ana ɗora ta kan janareta ko kusa da murhu, ana busa mata na'urar busar da gashi. Waya ba ta son zafin da ya wuce digiri 35 idan tana aiki, ko 45 idan tana ajiye, kuma baƙin gilashi a ranar Kano ko Maraɗi yana zarce haka cikin ɗan lokaci. Zafin yana sassauta gam ɗin da ke riƙe sikirin da raga, yana iya lanƙwasa tantanin sifika ta yadda ko ya bushe ba zai daina karkarwa ba, yana kuma gajiyar da batir, wani lokacin har ya kumbura. Ƙari a kan haka, ruwan da ya zama tururi a cikin rufaffiyar waya ba shi da ƙofar fita, sai ya zagaya ya sake zama ruwa a wani wurin idan ta huce.

Sai busa iska da ƙarfi. Wani zai kafa baki ya hura, wani ya kai wa mai faci ya sa mata bututun iskar taya. Hurawa tana tura ruwan da ke bakin raga zuwa ciki ne, inda ake gudun ya je. Iskar mai faci kuwa tana iya yaga tantanin nan take, ko ta ɓalle ragar daga mazauninta. Zuƙa da baki ma ba ta da amfani, kuma idan ruwan kwata ne ka ga abin da mutum ya sa a bakinsa.

Allura da tsinken sakace su ne suka fi ba ni tausayi, saboda cikin sakan ɗaya suke gama ɓarnarsu. Mutum yana ganin datti a ramin, ya soka allura don ya ƙwaƙulo, ya ji ta ɗan nutse. Ragar ce ya huda. Daga ranar ƙura da ruwa sun sami ƙofa har abada. Ƙaramin ramin da ke gefe shi kaɗai kuma na makirfo ne, shi ma bayansa akwai irin wannan tantanin. Auduga da takardar goge hannu suna barin zare a ciki. Turare, fetur, da ruwan wanke hannu mai sinadari da wasu ke ɗigawa wai don su kori ruwa, suna narkar da gam, turaren kuma ya bar mai.

Caja kuwa, ko da ta nuna batir ya kusa ƙarewa, a bar ta ta mutu. Ƙafafun da ke cikin ramin caji suna kusa da juna ƙwarai, kuma wutar caja a kan laima tana cinye su cikin sauri. Wayoyi da yawa yanzu sukan nuna gargaɗin akwai laima a ramin, su ƙi karɓar caji. Wannan gargaɗin ba lalacewa ba ce, kariya ce, kada a nemi hanyar tsallake shi.

Bayan ta bushe

Kwana biyu sun cika, telan ya kunna wayarsa. Ya fara da ƙaramar ƙara, da muryar mutum yana magana, domin kunne ya fi gane aibi a magana fiye da a kiɗa. Sannan ya kira wani, ya saurara a kunne, ya kuma buɗe babbar sifika, don ya gane wacce ce mai matsalar a cikin biyun. Ya naɗi muryarsa ya tura wa wani, don ya gwada makirfo. A yawancin wayoyin Samsung akwai lambar da ake dannawa a wurin kira, ta buɗe shafin gwaji:

```
*#0*#
```

A shafin, Speaker na gwada babbar sifika, Receiver kuma ta kunne.

Yadda sautin ya fito yana faɗin abin da ya rage. Idan ya fi na jiya kyau amma bai gama washewa ba, sauran laima ce, a ƙara mata yini. Idan ya yi ƙasa-ƙasa amma babu karkarwa, kuma ba ya canzawa daga yau zuwa gobe, raga ce ta toshe. Wannan ya zama ruwan dare a wurinmu, domin ragar da ta sha ƙurar hunturu wata da watanni, ruwa na taɓa ta sai ƙurar ta zama laka ta bushe a idanunta. Busasshen buroshin haƙori mai laushi, a share bakin ramukan a kaikaice, wayar na kallon ƙasa, yakan taimaka. Masu walda da maƙera suna da ƙarin matsala: maganaɗisun sifika yana jawo garin ƙarfe ya tara a kan tantani, ruwa ya sa shi tsatsa, kuma wannan sai an buɗe.

Idan kuwa sautin yana fita lafiya a ƙaramar ƙara, amma da an ƙara sai ya riƙa zizar da fashewa, to tantanin ya yage ko ya saki, ko zaren tagullar yana gogar maganaɗisu. Wannan ba ya warkewa, sai canji. Idan sautin yana zuwa yana ɗaukewa, musamman in an matsa bayan wayar, ƙafafun da ke haɗa sifika da fanel ne suka yi tsatsa. Idan kuma shiru ne gaba ɗaya, a dubi saman sikirin: wayoyi masu ramin abin sauraro na kunne sukan nuna alamarsa alhali ba a soka komai ba, saboda laima ko datti a ramin ya sa wayar ta ɗauka an soka, ta tura sautin can. Sifikar lafiyarta ƙalau, ramin ne ke son bushewa ko sharewa.

Kafin a tafi wurin gyara, idan wayar tana aiki kuma ta bushe, a kwashe hotuna da lambobi da duk abin da ba a son rasawa. Wayar da ta taɓa shan ruwa ba a ba ta cikakkiyar amana.

A wurin mai gyara, a faɗa masa gaskiya: wane ruwa ne, yaushe, an sa caji ko ba a sa ba. Wasu sukan ɓoye don kada a tsawwala musu kuɗi, sai ya ɓata lokaci yana neman ciwo a inda ba ya nan. Mai gyaran da ya san aikinsa, da ya buɗe, batir zai fara cirewa daga fanel. Zai duba tsatsa, ya wanke wurin da sinadarin wanke fanel mai saurin bushewa da buroshi mai laushi, ya share raga ko ya canza ta. Zai ɗora mita a ƙafafun sifikar ya auna. Babbar sifika mai lafiya takan nuna kusan om 8, idan kuwa mitar ba ta nuna komai ba, zaren ya tsinke. A wayoyi da yawa sifikar guda ce da ake kwancewa da ƴan kusoshi a sa wata, kuma tana cikin kayan da ba su kai sikirin ko fanel tsada ba. Idan ya sa sabuwa ta ci gaba da karkarwa, matsalar ta koma kan ɗan sashen da ke ƙara ƙarfin sauti a fanel, wannan kuma aikin mai gyaran fanel ne, ba kowane mai shago ba.

Wanda ya karɓi wayar ya hau busa mata iskar zafi ta waje ba tare da ya buɗe ba, ko ya soka mata caja wai ya ga ko za ta kawo, ka karɓi abarka ka gaba. Idan kuma an buɗe wayar da take da kariyar ruwa, ka tambaya ko an sa mata sabon gam na bakin murfi. Ko an sa, kada ka ƙara ɗaukar ta a matsayin mai iya shiga ruwa. Batirin da aka ga ya kumbura, ko murfin baya ya fara ɗagowa, a canza shi a wannan zaman, kada a koma da shi gida.